Yadda Ake Jera Tukwane a Wuta Ɗaya Domin Gawayi ko Itace Ya Yi Auki

Wutar gawayi ba ta tsayawa a kan ƙarfi ɗaya daga lokacin da aka hura ta zuwa lokacin da ta mutu. Tana farawa da rauni da ɗan hayaƙi, sai ta kama sosai ta yi ja, daga nan ta fara ja da baya a hankali har ta koma rushi a cikin toka. Haka kuma tukwanen da ake ɗorawa ba buƙatarsu ɗaya ba, kuma ko tukunya guda buƙatarta tana sauyawa tsakanin farkon dahuwa da ƙarshenta. Yawancin gawayin da ke tafiya a banza yana tafiya ne a inda waɗannan abubuwa biyu suka saɓa, wato an bar wake yana ɓararraka a kan wutar da ta fi ƙarfi, sannan da aka zo suya wutar ta yi sanyi, dole a ƙara gawayi a sake fifita. Abin da za a bi a nan shi ne yadda za a haɗa kowace tukunya da irin wutar da ta dace da ita, a murhu mai ɗaukar tukunya ɗaya tak.

Abin da ya kamata a fahimta game da tafasa

Ruwa yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, ko ƙasa da haka kaɗan a wurare masu tudu sosai, kuma da zarar ya tafasa zafinsa ba ya ƙaruwa komai yawan wutar da aka yi masa. Tukunyar da ke tafasa a hankali da wadda ke tafasa har murfi na rawa zafinsu ɗaya ne, kuma naman da ke cikinsu lokaci ɗaya zai yi laushi. Ƙarin wutar tururi kawai take zama, kuma tururi yana da tsada ƙwarai, domin zafin da ake buƙata a ƙone lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi ya kai kusan ninki bakwai na wanda ake buƙata a ɗauko wannan litar daga sanyinta a kai ta ga tafasa. Ga shi kuma idan ruwan ya ƙone sai an ƙara wani, wanda shi ma sai an sake dumama shi.

Saboda haka aikin wuta mai ƙarfi iri biyu ne kawai: kai tukunya mai sanyi ga tafasa, da kuma suya, domin mai yana buƙatar zafi kusan digiri 170 zuwa 180 kafin ya soya abu yadda ya kamata. Duk sauran aikin, irin su barin nama ya yi laushi, ko wake ya nuna, ko shinkafa ta tsotse, ko miya ta haɗe jikinta, wuta kaɗan yake so, wani ma ba ya buƙatar wuta ko kaɗan idan an lulluɓe tukunyar da kyau. An saba cewa a fara ɗora abin da ya fi daɗewa, kuma gaskiya ne, amma maganar ba ta cika ba. A fara ɗora shi, sannan a sauke shi da zarar ya yi tafasar da ake buƙata, kada a bar shi ya cinye ƙarfin wutar alhali wasu tukwane na jira.

Kafin a ƙyasta ashana

Gawayi ba ya jiran kowa. Idan ya kama, ci yake yi ko da tukunya a kansa ko babu, don haka duk mintin da mai girki ya ɗauka yana yankan albasa ko tsince shinkafa bayan an hura wuta, gawayi ne yake ƙonewa ba tare da ya yi aiki ba. A gama komai tukuna: a yanka nama, a niƙa kayan miya, a wanke shinkafa a tsane ta, a gyara ganye, a auna ruwan kowace tukunya a zuba, a nemo murfin da ya zauna daidai a kan kowacce. A yanka naman ƙanana idan ana son ya yi saurin laushi, domin ƙaton yanka yana jinkirta dukan jerin da ke bayansa.

Wake kuma a jiƙa shi tun da dare, kamar awa takwas, a zubar da ruwan jiƙon a sa sabo. Wannan kaɗai yana rage lokacin dahuwarsa sosai. Kada a sa masa tumatir ko wani abu mai tsami da wuri, domin tsami yana hana wake laushi, kuma wanda ya yi haka zai ga yana ta ƙara gawayi waken yana nan da ƙarfinsa.

Abu na ƙarshe da za a tanada shi ne wurin ajiye tukunyar da aka sauke. Kwando ko kwali mai faɗi ya isa, a shimfiɗa tsohon bargo ko tsummoki masu kauri a ƙasa, a bar wani ɓangare da za a naɗe tukunyar da shi ta gefe da sama. Ƙasan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin tukunyar da aka dire a kan siminti tana zubar da zafinta cikin ɗan lokaci. A guji yadi mai roba a jikinsa, saboda yana narkewa, kuma a duba gindin tukunya kada garwashi ya maƙale a jiki. Idan tukwane biyu ko uku za su jira, a tanadi abin lulluɓar kowacce, ko a ɗora ƙarama a kan babba a naɗe su tare.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka za a yi wa mutum shida girki a kurfoti ɗaya: wake, miyar tumatir da nama, shinkafa, ganyen da za a sa a miya, da ruwan zafi na wanke-wanke. Mintunan da za a ambata kimantawa ne, domin gawayin itace mai nauyi ya fi na itace marar nauyi daɗewa, kuma girman murhu da iskar wurin suna sauya lissafi. Jerin ne ake so a riƙe.

Da an hura wuta, a bar ta minti biyar ko fiye har gawayin tsakiya ya kama, sannan a ɗora tukunyar wake a rufe. Idan aka yi saurin ɗora ta, tana iya danne iskar ta kashe wutar, shi ya sa ake ɗan jinkirtawa. Wannan wuta ta farko ba ta da amfani ga suya, kuma hayaƙinta zai shiga duk abincin da ke buɗe, amma tukunya mai ruwa da murfi ba ruwanta da hayaƙi, don haka ita ce ta dace da wannan lokaci. Ruwan ya ɗara waken da kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, kada ya wuce haka da yawa, tunda duk kofin da aka ƙara sai an biya shi da gawayi. A wannan lokacin kuma a jingina tukunyar ruwan shinkafa, haɗe da ruwan da za a ɗiba wa miya, a rufe, kusa da jikin murhu, domin zafin da ke fita ta gefe ya riƙa dumama ta.

Wajen minti 25 waken zai tafasa. A bar shi ya tafasa sosai na minti goma zuwa goma sha biyar. Wannan tafasar ba a rage ta, musamman ga jan wake mai siffar ƙoda, wanda ke ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa, kuma sai tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti goma take kashe shi. Bayan haka a sauke tukunyar ba tare da an buɗe murfin ba, a kai ta kwando, a lulluɓe. Daga nan waken zai ci gaba da nuna da zafin da ke jikinsa.

Yanzu wuta tana kan ganiyarta, gawayin ya yi ja gaba ɗaya, farar toka ta fara hawa kansa, ba hayaƙi. Wannan lokacin na suya ne, kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A ɗora tukunyar miya da mai, a soya naman har ya yi ja, a sa albasa, sannan a zuba markaɗen tumatir a soya har ruwansa ya ƙone mai ya taso. Wannan ne kaɗai wuri a duk girkin da ake son ruwa ya ƙone da gangan, shi ya sa aka ba shi wutar da ta fi kowace ƙarfi. Idan aka yi wannan aiki a kan raunanniyar wuta, naman zai fitar da ruwa ya koma dahuwa, tumatirin kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo tsaminsa bai fita ba. Da suyar ta yi, a zuba ruwan miya, zai fi kyau a ɗebo daga wanda aka jingina a gefen murhu tunda ya riga ya yi ɗumi, a rufe, a bari ta tafasa na kamar minti biyar, sannan ita ma a sauke ta a lulluɓe. Lokacin an kai wajen awa ɗaya da hura wuta.

A nan ne mutane da yawa suke jin nauyin sauke miya, domin suna ganin ba ta gama ba. Lallai ba ta gama ba, amma abin da ya rage mata shi ne naman ya yi laushi, wannan kuwa ba ya buƙatar wuta mai ƙarfi, alhali ruwan shinkafa yana buƙatarta yanzu kafin ta ragu. A ɗora tukunyar shinkafa. Da yake ruwan ya yi ɗumi tun a gefe, ba zai daɗe ba zai tafasa. A zuba shinkafar, a juya sau ɗaya, a rufe, idan ta sake tafasowa a ba ta kamar minti biyar zuwa takwas, sannan a sauke a lulluɓe na rabin awa ko fiye kaɗan. Sai dai a rage mata ruwa kaɗan daga yadda aka saba, domin a cikin lulluɓi ruwa ba ya ƙonewa, kuma wanda ya zuba ruwan da yake zubawa kullum zai tarar da ita ta caɓe. Shinkafar da aka ƙarasa ta wannan hanya ba ta kamawa a gindin tukunya, ba ƙanzo ba ƙauri.

Zuwa wajen minti 80 wutar ta ja baya, gawayin ya ƙanƙance, toka ta yi yawa. A ɗan girgiza murhun ko a zungure shi tokar ta zube ƙasa, a tattaro garwashin wuri ɗaya a tsakiya, a rage iskar da ke shiga ta ƙasa idan murhun yana da ƙofa. Sai a dawo da tukunyar miya. Da yake tana nan da zafinta, cikin 'yan mintuna za ta soma zaɓalɓala, kuma wannan raunanniyar wutar ita ce daidai da ita. A bar ta minti 15 zuwa 20, a taɓa naman, idan ya yi laushi a zuba ganye a ba shi 'yan mintuna kaɗan. Ganye ba ya buƙatar tukunya tasa ko wuta tasa idan a miya zai ƙare, kuma zuwansa a ƙarshe yana sa ya riƙe launinsa.

Sai a buɗe waken, wanda ya yi kusan awa ɗaya a lulluɓe. A murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu. Ƙananan wake da aka jiƙa sukan nuna a wannan lokaci, manya kuwa sukan so ƙari. Idan da saura, a mayar da shi kan garwashin minti goma ko sha biyar, a sa gishiri da abin da ake so. Bayan an sauke shi sai tukunyar ruwan wanke-wanke ta hau, a bar ta a kan rushin yayin da ake cin abinci. Ba za ta tafasa ba, kuma ba a nemi ta tafasa ba.

Idan aka duba, kowace tukunyar abinci ta sami wuta mai ƙarfi sau ɗaya, na ɗan lokaci, sauran dahuwar kuma ta yi ta a cikin bargo ko a kan wutar da ta riga ta gaji. Da an bi hanyar gama kowace tukunya kafin a ɗora ta gaba, waken kaɗai zai riƙe murhun har ƙarfin wutar ya wuce, sai a zuba sabon gawayi domin miya, wataƙila a sake zubawa domin shinkafa.

Idan dole sai an ƙara gawayi

Wani lokaci zubi ɗaya ba ya isa, kuma babu laifi a ƙara, amma akwai lokacin da ya dace. Sabon gawayi yana sanyaya wuta na wasu mintuna kafin ya kama, yana kuma iya yin hayaƙi da tartsatsi, don haka kada a ƙara shi ana tsakiyar suya, kuma kada a jira sai wutar ta kusa mutuwa. Lokaci mafi kyau shi ne sa'ad da ake sauke wata tukunya za a ɗora mai ruwa da murfi, a misalinmu tsakanin miya da shinkafa. A sa 'yan ƙwayoyi uku ko huɗu a gefen garwashin, kada a juye su a tsakiya su danne shi. Mai girki ya tambayi kansa ko akwai sauran tukunya mai sanyi da ke jiran tafasa. Idan babu, to ba a buƙatar ƙari, abin da ya rage zai ƙarasa aikin.

A kula kuma da cika murhu tun farko. Gawayin da ya tuttuɗo har tukunya ta zauna a kansa kai tsaye ba ya samun iska, yana ci da rauni, na gefe kuma yana dumama sarari ne kawai. A bar tazara kamar faɗin yatsa biyu tsakanin gawayi da gindin tukunya, kuma faɗin wutar kada ya wuce faɗin gindin tukunyar.

Inda itace ya bambanta

Da gawayi, wuta ce ke tsara lokaci, mai girki yana bin ta. Da itace kuwa mai girki yana da iko fiye da haka, tunda yana iya iza itace idan yana son harshen wuta, ya janye idan yana son ta lafa. Jerin bai sauya ba, tukunya mai murfi a lokacin hayaƙin farko, sai tafasa da suya a kan harshen wuta, sai ƙarasawa a kan garwashi, amma a nan akwai wani mataki da ake yawan mantawa da shi. Da zarar tukunya ta ƙarshe mai sanyi ta tafasa, a janye itacen gaba ɗaya, a turmutsa bakinsa a cikin ƙasa ko yashi ya mutu, a bar garwashin da ya taru a tsakiyar murhu ya ƙarasa miya da wake. Waɗannan bakin wutar da aka kashe sun fi sabon itace saurin kamawa a girki na gaba.

Itace biyu ko uku da bakinsu ya haɗu a ƙarƙashin tukunya sun isa. Harshen wutar da ke lasar gefen tukunya har yana wuce murfi alama ce ta cewa an iza fiye da kima. Faskare sirara suna ba da wuta mai sauri, su ne na tafasa da suya, mai kauri kuma yana ci a hankali yana barin garwashi mai yawa, don haka yana da kyau a sa guda ɗaya mai kauri tun farko domin ya zama shi ne wutar ƙarshe. Ɗanyen itace yana ɓata wannan tsari duka, saboda wanda aka sare bai daɗe ba kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar tana ƙarewa wajen busar da shi. Ana gane shi da ƙarar da yake yi da kumfar da ke fita a ƙarshensa da farin hayaƙi mai yawa. Idan shi kaɗai ake da shi, a jera na gobe a gefen murhu yau ya sha zafi.

Abubuwan da ke ɓata tsarin, da yadda ake gane su

Idan aka buɗe tukunyar da aka lulluɓe aka tarar abincin bai motsa daga yadda aka sauke shi ba, yawanci ɗaya daga abu uku ne: ko tukunyar babba ce abincin kaɗan, ko an yi ta buɗe murfi ana dubawa, ko an bar ƙasanta ba shimfiɗa. Tukunyar da ta kusa cika ta fi riƙe zafi nesa ba kusa ba, don haka abinci kaɗan a sa shi a ƙaramar tukunya. Idan girkin na mutum ɗaya ko biyu ne, lulluɓin ba ya yin tasiri sosai, gara a dogara ga garwashin ƙarshe.

Akwai kuma iyakar da lafiya ta gindaya. Abincin da aka dafa yana cikin aminci muddin zafinsa yana sama da digiri 60, idan ya sauko ƙasa da haka ya daɗe, ƙwayoyin cuta suna samun damar yaɗuwa. Gwaji mai sauƙi shi ne idan an buɗe a ga tururi ya taso sosai, kuma hannu ba ya iya tsayawa a jikin tukunyar. Idan ta koma ɗumi-ɗumi, a mayar da miya ko wake kan wuta su tafasa kafin a ci. Shinkafa ta fi kowa rashin haƙuri a nan, domin idan ta yi awanni tana ɗumi tana iya yin gubar da sake dumamawa ba ya kashewa, shi ya sa a jerin aka kawo ta kusa da lokacin ci. Kaza da nama kuma a tabbatar sun nuna har ciki kafin a zuba, lulluɓi taimako ne ga laushi, sai an duba ake sanin ya isa.

Wasu abubuwa ba sa karɓar jira ko kaɗan. Taliya idan aka lulluɓe ta narkewa take yi, soyayyen ƙwai ko kifi idan ya huce ya rasa daɗinsa. Idan irin waɗannan suna cikin girkin kuma ana son a ci su da zafi, a jinkirta ƙarin gawayin nan na ƙwayoyi kaɗan zuwa dab da ƙarshe, a yi su a kansa idan ya kama, ko kuma a matsar da dukan jerin yadda ganiyar wutar za ta zo kusa da lokacin cin abinci, wake da nama sun riga sun tafasa suna jira a kwando.

Garwashin da ya rage bayan an gama komai, idan babu ruwan da za a dumama, a kashe shi. A kwashe shi a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, ko a rufe shi da yashi, rashin iska zai kashe shi ya koma gawayin da za a fara wutar gobe da shi. Yayyafa ruwa ma yana kashewa, amma sai an shanya gawayin ya bushe kafin ya sake kamawa, kuma ruwa yana fasa murhun yumɓu mai zafi yana sa na ƙarfe tsatsa. Kada a shigar da ragowar garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa da nufin amfani da ɗuminsa, domin gawayi mai ci, ko da ba ya hayaƙi, yana fitar da iskar guba marar wari da launi wadda ke kashe mutum yana barci. Gwangwanin da aka rufe shi ma a ajiye shi a waje, nesa da yara da duk abin da zai iya kamawa, har sai ya huce.